Umarnin Injiniya a Wurin Gini: Yadda Ake Rubuta Shi Ba Tare da Ya Zama Canjin Aiki Ba

A ce ana gina asibitin sha-ka-tafi a wata ƙaramar hukuma, aiki ya kai ga zuba kankaren dekin. Kafintoci sun gama kafa katako, masu ɗaurin rodi sun shimfiɗa rodinsu, an tara yashi da tsakuwa, an yi hayar injin kwaɓa kankare don gobe da sassafe. Injiniyan da ke duba aikin a madadin mai gini ya hau sama da tef ɗinsa. Zane ya ce a jera rodi mai kaurin milimita 12, tsakanin kowane da ɗan'uwansa milimita 200. Da ya auna sai ya tarar da 250. Ransa ya ɓaci, kuma yana da gaskiya. Ya buɗe littafin umarni ya rubuta: "A ƙara rodi a dekin, a mayar da tazara milimita 150 domin ƙarin ƙarfi, kafin a zuba kankare." Ya sa hannu, foman ya sa hannu, kowa ya ɗauki kwafinsa.

A zuciyar injiniya, gyaran kuskure ya sa a yi. A idon yarjejeniyar kwangila kuwa, sabon aiki ya yi oda, kuma mai gini ne zai biya.

Lissafin a fili yake. Mu ɗauka dekin ɗin mita 10 ne tsawo, mita 6 faɗi, kuma muna maganar rodin da ke kwance ta faɗin, kowane tsawon mita 6. A tazarar 200 da zane ya nema, sanda 51 ake bukata. A tazarar 250 da ma'aikata suka yi, sanda 41 suka sa. Wato ɗan kwangila ya ci bashin sanda 10, kuma cika su wajibinsa ne, daga aljihunsa, domin an riga an biya shi kuɗinsu a cikin farashin kwangila. Amma tazarar 150 tana cin sanda 68. Tsakanin 51 da 68 akwai sanda 17 da babu su a zane, babu su a jadawalin farashi, babu wanda ya taɓa yi musu kuɗi. Mita 102 ke nan na rodi, kuma tunda mita ɗaya na rodin milimita 12 yana da nauyin kilo 0.888, an haura kilo 90. A kan wannan sai a ɗora wayar ɗauri, da ladan masu ɗauri, da ribar ɗan kwangila, da kuɗin injin da ya kwana bai yi aiki ba idan an ɗaga zubin. Abin da ya fi ciwo shi ne sanda 10 na asali ma sun shige cikin rigimar. Takardar ba ta ambaci cewa an saɓa wa zane ba, ba ta faɗi abin da aka auna ba. Bayan wata shida, kankare ya rufe komai, abin da ya rage a fayil shi ne injiniya ya ce a ƙara rodi domin ƙarin ƙarfi.

Dalilin da ya sa 'yan kalmomi ke da wannan nauyi yana cikin yadda kwangilar gini take. Ɗan kwangila ya yi alkawarin gina abin da takardun kwangila suka bayyana, wato zane, da takardar ƙa'idojin kaya da aiki, da jadawalin adadi da farashi, a kan kuɗi kaza cikin lokaci kaza. Yarjejeniyar ta kuma ba injiniya, ko akitet, ikon ba da umarni, ta tilasta wa ɗan kwangila ya bi. Amma umarnin iri biyu ne. Akwai wanda ke cewa ka yi abin da ka riga ka yi alkawari, wannan ba ya jawo ko kwabo. Akwai kuma wanda ke cewa ka yi wani abu dabam da abin da ka yi alkawari, shi ne canjin aiki, wanda 'yan kwangila ke kira bariyeshan, kuma yana zuwa da haƙƙin ƙarin kuɗi, wani lokaci har da ƙarin wa'adi. Alƙalami ɗaya, littafi ɗaya, sa hannu ɗaya ne ke fitar da duka biyun.

Tsarin kwangilar da ƙungiyar injiniyoyi masu ba da shawara ta duniya, FIDIC, ke wallafawa, wanda ake yawan amfani da shi a manyan ayyukan hanyoyi da ruwa, ya fayyace wannan. A Jan Littafinta na 1999, sashe na 3.3 ya ba injiniya ikon umarni, ya kuma ce idan umarnin ya kasance canjin aiki ne to sashe na 13 ne zai yi aiki a kansa. Shi kuma sashe na 13.1 ya lissafa abin da canji ke iya ƙunsa: sauya adadi, sauya inganci ko siffar abu, sauya tsawo ko matsayi ko girma, cire wani aiki, ƙara wani aiki, da sauya jerin yadda za a yi aiki ko lokacinsa. Ka lura, ba a ce sai injiniya ya yi niyya ba, ba a ce sai ya rubuta kalmar canji a saman takarda ba. Abin da umarnin ya ƙunsa shi ake dubawa.

To yaya ya kamata injiniyan asibitin nan ya rubuta? A Najeriya da Turanci ake rubuta irin waɗannan takardu, amma ginin maganar ɗaya ne a kowane harshe. Ga shi da Hausa:

"Dekin bene na farko, tsakanin layin A da C. A dubawar yau an auna tazarar rodin ƙasa mai milimita 12 a wurare shida, an samu milimita 250. Zane mai lamba S-04, gyara na B, ya nuna milimita 200. Aikin bai dace da kwangila ba. Bisa sashe na 7.6, a gyara rodin ya dace da zanen, a sanar da injiniya ya sake dubawa kafin zuba kankare. Wannan umarni na bin abin da ke cikin kwangila ne, ba canjin aiki ba ne. Idan ɗan kwangila yana ganin akasin haka, ya sanar a rubuce tare da dalilansa kafin ya fara."

Kowace jimla a nan tana da aikin da take yi. Ta farko ta ƙayyade wuri, don kada gobe a ce umarnin ya shafi dukan benen ko dukan ginin. Ta biyu ta rubuta abin da ido ya gani da tef ya auna, domin ita ce kaɗai shaidar da za ta rage bayan kankare ya daskare, kuma ya fi kyau a haɗa da hoto mai nuna tef a kan rodin. Ta uku ita ce ginshiƙin takardar gaba ɗaya: lambar zane da lambar gyaransa. Lambar gyaran ba ado ba ce. Zane yakan sauya sau da dama a tsawon aiki, kuma idan injiniya yana riƙe da gyara na C alhali gyara na B ne aka miƙa wa ɗan kwangila a hukumance, to cewa "a bi zane" da kanta canjin aiki ce ba tare da ya sani ba. Sannan aka ambaci sashen da ya ba da ikon, wato 7.6 a littafin 1999, wanda ya ba injiniya damar sa a cire aikin da bai dace da kwangila ba a sake shi.

Akwai kuma abin da takardar ta yi shiru a kansa da gangan. Ba ta ce a kwance rodin duka a sake jerawa ba, ba ta ce a cusa sababbi a tsakani ba, ba ta ce a kawo ƙarin ma'aikata ba. Ta faɗi sakamakon da ake so, ta bar hanyar kai wa gare shi a hannun ɗan kwangila.

A nan ne ƙwararrun injiniyoyi suka fi faɗawa, fiye da sababbi, saboda sun san aikin kuma hannunsu na ƙaiƙayi su nuna yadda ake yi. A ƙa'ida, dabarar aiki ta ɗan kwangila ce. Shi ya yi farashi bisa hanyar da ya zaɓa, kuma sashe na 4.1 ya ɗora masa alhakin ingancin hanyoyin da yake bi da amincinsu. Idan takardar ƙa'idoji ta ce kankare ya kai ƙarfi kaza bayan kwana 28, ba ta ce komai a kan inda za a kwaɓa shi ba, sai injiniya ya rubuta cewa a daina kwaɓawa a wurin aiki a riƙa sayo kwaɓaɓɓe a mota, to ya ƙwace wa ɗan kwangila zaɓin da kwangila ta ba shi, kuma za a turo masa bambancin farashi. Ba kuɗi kaɗai ba, alhaki ma yana iya sauya hannu. Ran da kankaren motar ya iso a makare ya fara daskarewa a hanya, amsar ɗan kwangila a shirye take: kai ka ce a yi haka. Abin da injiniya ke da iko a kai shi ne ya rubuta cewa sakamakon gwajin kankaren da aka zuba ranar kaza ya gaza ƙarfin da sashe kaza ya nema, ɗan kwangila ya gabatar da matakan da zai ɗauka. Haka batun kaya yake. Idan ƙa'ida ta ambaci ajin siminti kawai, rubuta sunan kamfani ɗaya a cikin umarni ya taƙaita zaɓi, kuma taƙaita zaɓi yana da farashi.

Lokaci ma haka. "A kammala filastar ɓangaren gabas kafin Juma'a" magana ce da ake faɗa kullum a wurin gini, amma idan babu wannan wa'adi a kwangila, an sauya jerin aiki ko an nemi a gaggauta shi, sai a ga takardar neman kuɗin aikin dare da na ƙarin magina. Idan ɗan kwangila ne ya yi jinkiri da laifinsa, akwai hanyar da aka tanada a sashe na 8.6: a rubuta cewa aiki ya koma bayan jadawalin da ya gabatar, a umarce shi ya kawo sabon jadawali da bayanin yadda zai cim ma wa'adi, kuma nauyin kuɗin a kansa yake. Ranar da ta halatta injiniya ya sa a takarda ita ce ranar amsa ko ranar gyaran abin da ya lalace, wadda ta dace da hankali. Sabuwar ranar kammala wani ɓangare ba ta cikin wannan.

Tarkon da ya fi kowanne ɓoyuwa shi ne amincewa da shawarar ɗan kwangila. Wata shari'a da aka yanke a Ingila a 1958, tsakanin kamfanin Simplex Concrete Piles da hukumar gundumar St Pancras ta Landan, har yau ana karantar da ita a kan wannan. Kamfanin ya ɗauki kwangilar kafa turakun kankare na harsashi, irin waɗanda ake bugawa cikin ƙasa, da alkawarin za su ɗauki nauyin da aka ƙayyade. Gwaji ya nuna hanyar ba za ta yi ba a wannan ƙasar. Bisa yarjejeniya, matsalar ta kamfanin ce. Sai ya kawo shawarar a koma irin turakun da ake haƙa rami a zuba, ya haɗa da farashinsu, wanda ya fi na farko tsada. Akitet ya rubuta wasiƙa cewa sun amince da shawarar bisa farashin da aka gabatar. Kotu ta ce wannan wasiƙa umarnin canjin aiki ce, hukumar ta biya. Akitet ɗin ya ɗauka sassauci ya yi wa wanda ya kasa cika alkawari, ashe ya sauke masa nauyin ne ya ɗora wa mai gini.

Irin wannan yana faruwa kowane mako a ƙananan ayyukanmu. Ɗan kwangila ya zo ya ce tayil ɗin da aka rubuta ya yanke a kasuwa, ga wani da ya fi shi kyau. Ko ya ce bulo mai inci 6 da aka buga bai yi ƙwari ba, bari ya sa mai inci 9 da ke ƙasa. Injiniya, don aiki ya ci gaba, ya rubuta "an amince, a ci gaba". Kalmomi biyar, kuma kowane mai ƙididdigar kuɗin gini da ya san aikinsa zai iya gina buƙatar ƙarin kuɗi a kansu. Abin da ya kamata a rubuta shi ne cewa ɗan kwangila ne ya nemi wannan sauyi don sauƙin kansa a wasiƙarsa ta ranar kaza, injiniya ba shi da ja, bisa sharaɗin babu ƙarin kuɗi, babu ƙarin lokaci, kuma alhakin ingancin abin yana nan a kan ɗan kwangila. Sannan ɗan kwangila ya sa hannu ya karɓi sharaɗin kafin ya taɓa aikin. Idan madadin ya fi na asali araha, a rubuta a nan take cewa za a rage bambancin, don ba a cika tuna wannan ɓangaren ba.

Dole a yi hattara da jimlar nan ta "babu ƙarin kuɗi", domin an mayar da ita laya. Akwai ofisoshin da suka buga ta a ƙasan kowace takardar umarni, suna ganin ta rufe ƙofa. Ba ta rufe ba. A batun tayil tana da ƙarfi ne saboda ɗan kwangila ne ya nema, kuma ya sa hannu ya yarda, wato yarjejeniya ce tsakanin ɓangare biyu. Amma injiniya shi kaɗai ba zai iya ƙara aiki sannan ya soke haƙƙin biya da jimla ɗaya ba. Da injiniyan asibiti ya rubuta tazarar 150 ya ƙara da cewa wannan ba canji ba ne, da sanda 17 ɗin nan suna nan a matsayin ƙari, kuma mai sasanta rikici zai ƙirga su.

Ni a ganina nan ne mutuncin sana'ar yake. Iya rubutu ba dabarar samun aikin banza daga ɗan kwangila ba ce. Idan injiniya ya hau dekin ya ga a ransa cewa tazarar 200 ɗin da ke zane ita kanta ba ta isa ba, to matsalar zane ce, kuma ba daidai ba ne a lulluɓe ta cikin takardar gyara. Sai ya fitar da takarda biyu. Ta farko ta ce a gyara zuwa 200 bisa zane. Ta biyu, bayan ya tuntuɓi wanda ya zana ginin ya kuma samu yardar mai gini idan kwangila ta bukaci haka, ta fito fili da sunanta na canjin aiki, a auna ta, a yi mata farashi. Gwajin da zai raba masa su mai sauƙi ne: kafin ya sa hannu, ya nemo shafi da layin da ke cikin takardun kwangila wanda ya riga ya wajabta abin da yake shirin umarta. Idan ya samu, ya rubuta lambarsa. Idan ya duba bai samu ba, to abin da ke hannunsa canji ne, ko da ƙarami ne, ko da don alheri ne. A aikin gwamnati abin ya fi tsanani, domin ƙarin kuɗi yana bukatar amincewar hukuma tun kafin a yi, kuma ɗan kwangilar da ya yi ƙarin aiki bisa takardar da ba ta bi wannan hanya ba yana iya shekara yana bin kuɗinsa ofis-ofis.

Akwai umarnin da ba a san ɓangaren da zai faɗa ba sai bayan an aiwatar. Injiniya yana zargin kankaren wani ginshiƙi, ya sa a yi ƙarin gwajin da ba ya cikin kwangila. A littafin 1999, sashe na 7.4, idan gwajin ya nuna aikin bai dace ba, ɗan kwangila ne zai ɗauki kuɗin gwajin. Idan ya nuna lafiya lau ne, nauyin ya koma kan mai gini. Mai rubuta irin wannan umarni ya ambaci sashen, ya faɗi dalilin zarginsa, ya kuma ƙayyade ginshiƙai nawa da waɗanne, saboda "a gwada ginshiƙan bene" na iya zama uku, na iya zama talatin.

Sai maganar baki, wadda ita ce mafi yawan umarnin da ake bayarwa a wurin gini. Magana zarar bunu ce, kuma a ƙarƙashin sashe na 3.3 tana iya zama takarda ba tare da mai ita ya rubuta komai ba. Idan injiniya ya ba da umarni da baki, ɗan kwangila ya aiko masa da tabbaci a rubuce cikin kwana biyu na aiki, shi kuma bai musa ba cikin kwana biyu na aiki, to rubutun ɗan kwangilar ya zama umarnin injiniya. Wato kalmomin da za su shiga fayil na ɗan kwangila ne, shi ya zaɓe su. Injiniya ya ce wa foman, "Malam, wannan rodin ya yi faɗi, a gyara." Washegari takarda ta iso tana cewa injiniya ya umarci a ƙara rodi a dekin. Idan ta kwana biyu a kan tebur ba a karanta ba, an koma gidan jiya. Don haka duk abin da aka faɗa a kan dekin a rubuta shi kafin a bar wurin, kuma duk takardar tabbaci da ta shigo a karanta ta a ranar. Saƙon waya ma haka, ana ajiye shi, ana kuma gabatar da shi ran rigima. Sannan a san wa ke da ikon sa hannu tun farko, domin ɗan kwangila daga injiniya kaɗai yake karɓar umarni, ko daga mataimakin da aka ba shi wannan iko a rubuce.

Bugun FIDIC na 2017 ya ɗan gyara wannan fage a sashe na 3.5. Idan umarni bai ce shi canji ba ne, amma ɗan kwangila yana ganin canji ne, wajibi ne ya sanar da injiniya nan take da dalilansa, kafin ya fara aikin da umarnin ya shafa. Injiniya yana da kwana 7 ya tabbatar da umarnin, ko ya janye shi, ko ya sauya shi. Idan ya yi shiru har kwanakin suka cika, ana ɗauka ya janye umarnin. Amfanin wannan shi ne ana yin gardamar tun rodi yana a fili, ana iya hawa a ƙirga shi, mai gini kuma yana da damar cewa ba ya son ƙarin. Yawancin ƙananan kwangilolin da ake yi a jihohi da ƙananan hukumomi, da na masu gina gidajen kansu, ba su da irin wannan sashe. Shi ya sa jimlar ƙarshe ta takardar asibitin take neman ɗan kwangila ya yi magana a rubuce kafin ya fara. Ba ta ƙwace masa haƙƙin da kwangila ta ba shi, amma tana sa a ji ƙorafinsa a daren da injin kwaɓa kankare ke jira, lokacin da injiniya zai iya sake auna tazarar, ya buɗe zanen tare da foman, su ga ko gyara na B ne a hannun kowa.